Fagen Kyamara: Yadda ake rufe tsallen hoto a hirar bidiyo

Batun wannan mako ya taso ne daga wani aiki da muka yi tare da 'yan kulob ɗin jarida na wata sakandare, waɗanda suka ɗauki hira da telan da ke ɗinka musu kayan makaranta. Hirar ta yi daɗi, dattijon akwai labari a bakinsa. Amma da suka zauna tacewa a waya, suka cire tari da gaisuwa da maimaici, sai ga kan dattijo yana ta zillo a allo kamar an sa masa waya a wuya: yanzu yana duban dama, ƙiftawa da bismilla ya koma hagu, hannunsa da ke sama ya ɓace ya bayyana a cinya. Wata daga cikinsu ta ce mana, “Malam, ko wayar ce ta lalata bidiyon?” Wayar lafiyarta ƙalau. Abin da suka gani shi ne tsallen hoto, wanda masu sana'ar ke kira jam-kot.

Bari mu fara da dalilin faruwarsa, don wanda ya san dalili ba ya shan wahalar magani. Bidiyo hotuna ne daskararru da ake jerawa da sauri. Talabijin a ƙasashenmu yana nuna 25 a kowane sakan, yawancin wayoyi kuma suna ɗaukar 30. Kowane ɗaya daga cikinsu ana ce masa firam. Tsakanin firam da mai bi masa bambancin kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ido ke ganin motsi yana tafiya sumul. To idan kuka cire sakan 17 daga tsakiyar magana, kun jefar da firam 510 ke nan a wayar da ke ɗaukar 30. Bango yana nan inda yake, kujera tana nan, girman mutumin a allo bai canja ba, amma shi kansa ya motsa a cikin waɗannan sakan 17 da mai kallo bai gani ba. Ido yana yarda da babban canji, misali daga fuska zuwa titi, domin ya gane an kai shi wani wuri. Ƙaramin canji a cikin hoto iri ɗaya ne yake ɗauka a matsayin kuskure.

Ba kullum tsallen nan yake zama aibi ba. Wani daraktan Faransa, Jean-Luc Godard, ya cika fim ɗinsa À bout de souffle na 1960 da shi da gangan, kuma har yau ana koyar da fim ɗin a makarantun fim. Masu magana da kyamara a YouTube da TikTok ma suna yanka duk numfashi su bar tsallen a fili, masu kallonsu sun saba. Amma hira da dattijo da za a nuna a taron iyaye da malamai wani abu ne daban. A nan tsallen yana janye hankali daga maganar, yana kuma sa mutumin ya zama abin dariya ba tare da laifinsa ba.

Dabarar rufewa ba ta da wuyar ganewa. Murya da hoto hanyoyi biyu ne daban a cikin manhajar tacewa. Kunne ba ya jin yanka idan an yi shi a wurin da ya dace, ido ne ke gani. Saboda haka sai a bar muryar tana tafiya, a ɗora wani hoto a kan fuskar daidai wurin da aka yanka, kamar yadda tela ke sa faci a kan wurin da ya yage. Idan aka dawo kan fuskar bayan 'yan sakan, mai kallo ya riga ya manta ainihin yadda kan ya karkata.

Hotunan rufin nan iri biyu ne, kuma yana da kyau ku bambance su. Na farko shi ne hoton waiwaye, wanda ake kira katawe: kyamara ta bar fuskar mai magana ta waiwaya ga wani abu da ke wurin a wannan lokacin, kamar mai tambaya yana saurare, ko hannun mai maganar, ko tef ɗin awo da ke wuyansa. Wannan yana ce wa mai kallo, “ga abin da ke faruwa a ɗakin yanzu.” Na biyu shi ne hoton shimfiɗa, wanda ake kira obale ko bi-rol: hoton abin da ake magana a kai, wanda aka shimfiɗa bisa muryar, ko da an ɗauke shi kafin hirar ko bayanta. Tela yana zancen guga, mu kuma muna ganin dutsen guga yana bin yadi. Wannan ba ya da'awar cewa yanzu ne abin ke faruwa, mai kallo ya san misali ake ba shi. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa, domin a nan ne gaskiya da ƙarya suke rabuwa.

Matsalar 'yan kulob ɗin nan ita ce ba su da ko ɗaya. Minti 11 suka ɗauka, duk fuska. Dole muka koma shagon washegari, muka sake ba dattijo haƙuri. Muka tarar ya canja riga, jiya fara yau shuɗiya, don haka duk wani hoto da rigarsa za ta fito a ciki ba zai yi aikin waiwaye ba. Ya ce, “'Ya'yana, in farar kuke so sai a ɗauko, amma tana wajen wanki.” Muka ce, “A'a Baba, bar shi, za mu ɗauki abin da ba ya nuna riga.” Darasin farko ke nan: aikin rufe tsalle a wurin ɗauka yake farawa. Da an gama tambayoyi, kafin kowa ya tashi, kafin rana ta juya, ku nemi minti 10 na ƙari.

Me za a ɗauka a minti 10 ɗin? Wanda ya saurari hirar da kyau ya riga ya san amsa. Mu muna sa mutum ɗaya ya riƙe takarda yana rubuta duk abin da mai magana ya ambata wanda ido zai iya gani. Telanmu ya ambaci guga, maɓalli, almakashi, alli, keken ɗinki da rigar makaranta. Kowannensu muka ɗauke shi ta fuska biyu ko uku: daga nesa ana ganin mutum da aikinsa, sai kusa ana ganin hannu da kayan aiki, sai kurkusa ana ganin allura tana hawa da sauka. Kowane hoto a riƙe shi aƙalla sakan 10 ba tare da motsa waya ba, ko da sakan 3 kawai za a yi amfani da su, saboda farkonsa da ƙarshensa yawanci suna rawa lokacin da yatsa ya taɓa allo. Ku ƙirga a zuci, domin a wurin ɗauka sakan 4 yakan yi wa mutum kamar 10. In an ɗauki hirar da waya a kwance, to hotunan rufi ma a kwance za a ɗauke su. Wannan kuskuren kaɗai ya sa mun zubar da hotuna biyar masu kyau da wani yaro ya ɗauka a tsaye.

Akwai abu ɗaya kuma da ba hoto ba ne. Ku roƙi kowa ya yi shiru na sakan 30, ku ɗauki sautin ɗakin kawai. Ɗaki ba ya taɓa yin shiru na gaske, akwai fanka, akwai babura a titi, akwai janareton maƙwabci. Za ku ga amfaninsa nan gaba.

Yanzu ga amsa guda da muka tace, dalla-dalla. Tambayar ita ce yadda ya fara sana'ar, amsar kuma ta ci sakan 52. Daga farko zuwa sakan 14 ya ce: “Na fara ɗinki ina ɗan shekara sha biyu, a wurin ƙanen mahaifina. Shekara biyu ban taɓa keke ba, sai guga da sa maɓalli.” Daga 14 zuwa 31 wani mai karɓar ɗinki ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi iyali, dattijo ya yi tari, ya ce “ina muka tsaya?” Daga 31 zuwa 43 ya ci gaba: “Ranar da ya fara ba ni almakashi, yadin makaranta ne, na yanka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, duk shagon aka yi ta dariya.” Daga 43 zuwa 47 ya yi ta “to, ka gane, wato, ka gane.” Sannan daga 47 zuwa 52: “Bai doke ni ba. Ya ce in biya yadin da kuɗin gugana.”

Mun cire gaisuwar, sakan 17, mun cire inda-indar, sakan 4. Saura sakan 31: kashi na farko 14, na biyu 12, na uku 5. Wato a sabon jerin akwai tsalle biyu, ɗaya a sakan 14, ɗaya a sakan 26.

Kafin a taɓa hoto, a fara gyara murya. Wannan ƙa'ida ce da ba ma karyawa. Ku sa abin ji a kunne, ku rufe ido ko ku juya wayar, ku saurari maganar daga farko. In kunne ya ji wurin yanka, babu hoton da zai ɓoye shi. Abubuwa uku ne suka fi tona asiri. Na farko numfashi: mutum yana jan iska kafin ya fara jimla, in aka yanka a tsakiyar jan iskar sai a ji wani ɗan “hik”. A bar numfashin gaba ɗaya ko a cire shi gaba ɗaya, kuma barinsa ya fi. Na biyu matsewa: in aka manna jimla da jimla babu tazara, sai dattijon ya zama kamar mai karanta sanarwa a rediyo. A bar kamar rabin sakan, in babu shi a wurin sai a cike da sautin ɗakin nan da aka ɗauka. Kada a bar gurbin fayau, don shirun da babu komai a cikinsa yana faɗowa a kunne kamar an ɗauke wuta. Na uku karin murya. A Hausa murya tana gangarowa a hankali har ta sauka a ƙarshen jimla, kuma wanda bai gama magana ba muryarsa a rataye take. In kun yanka a wurin da murya ke rataye, ko yaro ya san akwai saura.

Da murya ta daidaita sai a zo kan hoto. A CapCut, wadda yawancinku ke da ita, ana kai farin layin tsakiya wurin da ake so a danna `Split`, a sake yin haka a ƙarshen abin da za a cire, a zaɓi guntun a danna `Delete`. Don ɗora hoton rufi kuma a danna `Overlay`, sannan `Add overlay`, a zaɓo shi daga waya. Zai sauka a layi na biyu ƙarƙashin hirar, amma a allo yana samanta. Yakan shigo ƙarami a tsakiya, sai an ja shi da yatsu biyu har ya cika allon, a duba kusurwa huɗu kada gefen hirar ya leƙo. Sai a shiga `Volume` a rage sautinsa. A KineMaster aikin ɗaya ne, ta `Layer` ake shiga a zaɓi `Media`.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko: fara hoton rufi daidai kan yankan. Yana rufe tsallen, gaskiya ne, amma da yake canjin hoto da canjin murya sun faɗo lokaci guda, kunne da ido sukan haɗu su gano wurin. Abin da ya fi shi ne rufin ya shigo kafin yankan, ya fita bayansa, yankan ya kwanta a cikinsa. A tsallen farko mun shigo da hoton guga a sakan 11, daidai lokacin da ya ce “sai guga da sa maɓalli”, muka bar shi har 15. Yankan da ke sakan 14 ya wuce a ƙarƙashin dutsen guga, babu wanda ya sani. Daga 15 zuwa 18 muka sa almakashi yana cin yadi, domin a nan yake cewa “ranar da ya fara ba ni almakashi”. A sakan 18 muka dawo kan fuskarsa.

Me ya sa 18, ba 20 ba? Saboda a nan ne ya fara murmushi zai faɗi yadda hannun riga ya fi ɗan'uwansa tsawo. Wannan fuskar ita ce dukiyar hirar. Mun sha ganin ɗalibai sun sami hotunan rufi masu kyau sai su lulluɓe hirar gaba ɗaya da su, har mai kallo ya manta kamannin mai magana. Inda mutum ke ba da bayani, a rufe in an so. Inda yake dariya, ko ya yi shiru yana tuna wani abu, ko idonsa ya kawo ruwa, a bar fuska.

Yaron da ke guga a hoton almajirin shagon ne na yau, ba dattijon ba ne yana yaro. Wannan bai zama yaudara ba, domin hoton shimfiɗa ne, kowa ya gane shagon yau ake nuna masa. Mun bar ɗan sautin guga da na almakashi can ƙasa-ƙasa, yadda za a ji su amma ba za su danne magana ba. Hoton almakashi da babu “ƙyas-ƙyas” ɗinsa yakan zama kamar matacce. Keken ɗinki kuwa sai da muka rage shi sosai, ƙararsa tana cinye kalmomi.

Tsalle na biyu ya fi wuya, saboda jimlar da ke bin sa, “bai doke ni ba”, fuska take so. Babu damar dogon rufi. Muka sa gajeren waiwaye daga sakan 24 zuwa 26 da rabi: yatsun hannu suna murza tef ɗin awo, kurkusa sosai yadda rigar ba ta fito ba. Rabin sakan ɗin da ya haura yankan ya faɗa kan numfashinsa, da ya buɗe baki kuma muna kan fuskarsa. Ƙasa da sakan 2 hoton rufi yakan zama kamar walƙiya, mai kallo bai gama gane abin da ya gani ba an janye. In hoton yana da rubutu ko abubuwa da yawa, yana bukatar fiye da haka.

Hoton hannu yana da tarkonsa. In a fuskar ana ganin kafaɗunsa suna motsi yana nuni da hannu sama, sai aka yanka zuwa hannaye kwance a cinya, an gyara tsalle da wani tsallen. Haka in leɓensa ya fito a gefen hoton rufi yana faɗin wata magana daban da wadda ake ji. Agogon bango ma mugun mai tona asiri ne, yanzu ƙarfe 4 da minti 10, bayan sakan 5 ya koma 4 saura. Sai kuma ɓurɓushin firam: rufi ya ƙare firam biyu ko uku kafin yankan, sai tsohuwar fuskar ta ƙyalla ta ɓace. A ƙaramin allon waya da wuya a gan shi, amma a talabijin ko majigin makaranta zai fito ɓaro-ɓaro. Maganinsa a buɗe layin tacewar da yatsu biyu har iyaka, a bi gefen kowane rufi a hankali.

In babu hoton rufi ko ɗaya kuma babu halin komawa, akwai wata dabara: a ƙara girman hoton da ke bayan yankan, ya zama kamar kyamara ta biyu ce ta matso. Sai dai canjin ya zama babba, misali daga ƙugu zuwa sama ya koma daga kafaɗa zuwa sama, idanu kuma su tsaya kusan a layi ɗaya a hotunan biyu. In ƙarin ya yi kaɗan, tsallen ne dai har yanzu. Farashinsa shi ne kaifin hoto. Wanda ya ɗauka a 4K, wato 3840 a faɗi da 2160 a tsayi, zai fitar a 1920 da 1080, yana iya ninka girma har sau biyu ba tare da asara ba. Wanda ya ɗauka a 1080 kuwa duk ƙarin da ya yi dushewa yake jawowa. Masu waya biyu suna da sauƙi, su ajiye ta biyun a gefe. Tsohuwar ƙa'idar masu fim ita ce kusurwar kyamara ta canja da aƙalla digiri 30 tsakanin hoto da hoto na mutum ɗaya, in ba haka ba ido zai ɗauke shi tsalle.

Yanzu mu dawo kan abin da muka ce ku riƙe. A tsalle na biyun nan, abin da ɗaliban suka fara sawa ba tef ɗin awo ba ne. Hoton almajirin shagon ne yana ƙyaƙyata dariya, kuma ya zauna ɗas a kan “duk shagon aka yi ta dariya”. Kowa ya yaba. Sai muka tambaya, yaushe aka ɗauki dariyar? Washegari ne, lokacin da wani ɗan kulob ya yi tuntuɓe da kujera. Ranar hirar ma yaron ba ya shagon. Fuskar mai saurare hoton waiwaye ce, tana cewa “wannan mutumin ya ji maganar nan, ga yadda ya karɓe ta.” Dutsen guga ba ya da'awar komai, amma dariya tana yi. A nan illar kaɗan ce, sai dai yaron zai ga kansa a majigi yana yi wa maigidansa dariyar da bai yi ba. Muka cire.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A gidajen talabijin an daɗe ana ɗaukar mai tambaya yana gyaɗa kai bayan an gama hira, wani lokaci baƙon ma ya tafi, don a sami abin rufe yanka. A 2007 sashen labarai na tashar Five ta Birtaniya ya sanar cewa ya daina amfani da irin wannan gyaɗa kai na shiri, a lokacin da ake ta muhawara a can kan yaudarar masu kallo. A 2016 kuma wani fim ɗin gaskiya na Amurka kan bindigogi, Under the Gun, ya nuna 'yar jarida Katie Couric ta yi wa wasu masu goyon bayan mallakar bindiga tambaya, sai aka ga sun yi tsit na kusan sakan 8 kamar sun rasa amsa. Sautin da aka naɗa a wurin ya nuna nan take suka amsa, shirun daga wani wuri aka ɗauko shi. Daga baya Couric ta fito ta amince cewa wurin ya ɓatar da masu kallo. Babu kalma ɗaya da aka ƙirƙira a bakin kowa, hoton saurare kawai aka ajiye inda ba wurinsa ba.

Mu a namu aikin muna yarda da hoton mai tambaya yana saurare in fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma a wurin aka ɗauka a zama ɗaya. Dariya, mamaki, girgiza kai da ɓata rai kuwa, sai in da gaske a kan wannan maganar aka yi su.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Can gaba a hirar an tambayi dattijon game da yadin da ake kawo masa. Ya ce: “Yadin yana da kyau, amma na bana wanki biyu yake koɗewa.” Wani ɗalibi ya ga cewa tunda shugaban makaranta zai kalla, gara a tsaya a “yana da kyau”, a rufe da hoton riguna a rataye, a wuce. Da hoton rufi zai yiwu sarai, in ban da muryar da ta rataye kafin “amma”. To amma me aka yi ke nan? An sa dattijo ya yabi abin da ya kushe, a gaban iyayen da suka ga rigunan 'ya'yansu sun koɗe, su kuma za su ce telan ne ya yi ƙarya. Tsalle a fili aƙalla yana gaya wa mai kallo cewa an cire wani abu. Wanda aka rufe ba ya gaya masa komai, don haka nauyin duka yana wuyan mai tacewa. Gwajin da muke yi mai sauƙi ne: in mai maganar ya zauna kusa da ku ya kalla, zai ce “haka na faɗa”? Tari, gaisuwa, maimaici da ratse duk ana cire su. Amma ku yi hattara da duk abin da ya biyo bayan “amma”, “sai dai”, “in ban da”, da kuma “ba” ta ƙarshen jimla. Haka haɗa rabin amsar wata tambaya da rabin amsar wata su zama jimla ɗaya da bai taɓa furtawa ba.

Zaɓi biyu ne na gaskiya a wurin: a sa jimlar dukanta, ko a cire batun yadi gaba ɗaya. Ɗaliban suka yi ta gardama, daga ƙarshe suka koma suka tambayi mai maganar. Ya ce, “Ku bar ta, ai ba a ɓoye na faɗa ba.” Suka bar ta, a kan fuskarsa, babu rufi. A irin wannan magana mai nauyi, in dole ne a yanka a kusa da ita, wasu masu shirya fina-finan gaskiya sukan bar tsallen a fili, ko su sa ɗan farin haske ko duhu na ƙiftawa, don mai kallo ya san an gajarta.

Ga aikin wannan mako. Ku sami wani a gida ko a unguwa mai sana'ar hannu, ku nemi izininsa, ku yi masa tambaya ɗaya tak. Ku ɗauki hotunan rufi shida na sakan 10 kowanne da sautin wurin na sakan 30. Ku gajarta amsar zuwa sakan 30 da yanka biyu, ku rufe su, sannan ku ba wani da bai ga asalin ba ya kalla sau biyu, ku ce ya nuna muku inda aka yanka. In ya nuna daidai, ku tambaye shi ido ne ya gaya masa ko kunne, daga nan za ku san layin da za ku koma gyarawa. Bayan haka ku nuna wa mai sana'ar kafin ku nuna wa kowa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba inda ya kamata a ajiye makirufo in ana hira a wuri mai hayaniya.